Duniyoyin da ke Littafin Is'haƙa Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Isa zuwa Sakkwato ya ga aikin Is'haƙa mai fenti, ko bai san sunansa ba. Shi ke rubuta "Allah Ya Kiyaye Hanya" a goshin bas, shi kuma ke zana wani ƙato mai rufaffiyar fuska, riƙe da ƙararrawa, a ƙofar baya. Direbobi suka sa wa ƙaton suna Mai Ƙararrawa. Rumfar Is'haƙa tana jikin katangar tasha, dab da tawa inda nake cajin waya. Shekara huɗu muna shan inuwar dogonyaro ɗaya.

Haifaffen Tsamaye ne, da tsagensa na Gobirawa a kumatu. Yana saurayi ya bi wani falke zuwa Maraɗi, falken ya wuce gaba, shi ya tsaya wurin wani mai rubuta allunan shaguna, ya yi shekara tara. Maigidan nan yakan sayo tsofaffin littattafan zane na Faransanci a gwanjo, irin na jarumai masu tashi sama, don masu koyo su ga yadda ake zana hannu da kafaɗa. Sauran masu koyon, hoto kawai suke kallo. Is'haƙa kuwa sai da ya san abin da aka rubuta cikin farin kumfan nan da ke fitowa daga bakin mutanen. Da haka ya iya Faransanci. Ya dawo gida da burushi, da akwatin ƙarfe cike da littattafan, ya auri Ikilima, suka zauna a Isa. Har yanzu yakan leƙa Maraɗi sau biyu ko uku a shekara, ya sayo fenti da duk littafin da ya samu.

Ba mai yawan magana ba ne. In rana ta yi zafi, aiki ya tsaya, yakan ba ni labarin Mai Ƙararrawa: maƙeri ne da wani dutse ya faɗo masa daga sama, ya narka shi ya yi ƙararrawa, in ya kaɗa ta bango ya tsage. Na daɗe da lura cewa ƙaton ba kama ɗaya yake ba a motoci. Nan jar riga, can baƙa, wani wuri da furfura, a wata motar ma mace ce. Na ɗauka fentin da ya rage masa yake bi. Ban taɓa tambaya ba.

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasarmu, kowa ya koyi kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. An ce ba sa shiga gari sai da infoma, wanda zai gaya musu gidan da ke da shanu da hanyar da babu tsaro. Ba wanda ya san fuskar infoma, saboda haka kowace fuska ta yi kama da shi. Mai yawan tafiya abin zargi ne, mai yawan shiru ma haka. Is'haƙa ya haɗa duka biyun.

Bayan kaka aka kore shanun Tungar Maliki, wani ɗan ƙauye da ke gabas da mu. Kwana uku da yin haka, Is'haƙa ya tafi sallar azahar ya bar littafin rubutunsa a kan benci. Iska ta buɗe shi. Na je rufewa ne kawai, wallahi, amma idona ya riga hannuna.

Da'irori ne goma sha biyu a shafi biyu, kowace da lambarta a ciki. Gefen kowace an rubuta sunan gari: Tozai, Tsamaye, Sabon Birni, da sauransu. Akwai kibiyoyi daga wata da'ira zuwa wata, a kan kowace kibiya da wata lamba. An soke da'ira huɗu da jan biro. Ɗaya daga cikin huɗun an rubuta mata Tungar Maliki.

Na rufe littafin. Da ya dawo ya miƙo mini gyaɗa, na karɓa, na kasa ci. Kwana biyu ina juya abin a raina. Na tuna tafiyarsa Maraɗi, na tuna yadda yake tambayar kowane direba, "Motarka wane gari take kwana?" A rana ta uku Labbo, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, ya kawo cajin waya. Na ce masa, kamar mai neman sani kawai, "Baba Labbo, in mutum ya ga an zana garuruwa an soke wasu da ja, mi ke nan?" Ya ajiye wayar a hankali ya ce, "Ina ka gani?"

Washegari da hantsi suka zo su biyar. Ba su daki Is'haƙa ba. Suka ɗauki littafin, suka sa shi gaba zuwa zauren Mai unguwa. Kafin mu isa, labari ya riga mu, mutane sun cika ƙofar gida. Kowa ya san abin da ke gaba. In Mai unguwa bai gamsu ba, za a miƙa shi ga jami'an tsaro, kuma ko an sako shi wata rana, shi da iyalinsa sun gama zaman Isa. Mun ga wanda aka yi wa haka bara, gidansa na nan awaki ke kwana ciki.

Mai unguwa, dattijo mai rediyo a gefen tabarma, ya buɗe littafin ya daɗe yana dubawa.

"Is'haƙa, wagga taswirar ta mi ce?"

"Ranka shi daɗe, duniyoyi ne."

Wani ya yi dariya a waje. Labbo bai yi ba. Ya ce, "Duniya ɗaya Allah Ya yi muna. Kai nawa gare ka?"

"Ta Allah ɗaya ce, Labbo, ban ja ba. Waɗanga na masu littafi ne, kamar yadda gizo ke da garinai cikin tatsuniya. In an yarda a ɗauko akwatina a gida, za ni nuna."

Mai unguwa ya aika. Ikilima da kanta ta ɗauko akwatin a ka, ta sauke a bakin zaure, ta koma gefe ta tsaya, ba ta kalli kowa ba. Is'haƙa ya fito da littafi biyu, ɗaya ya yi jawur don tsufa, ya shimfiɗa su.

"Ga Mai Ƙararrawa na farko. Kamfanin da ke buga shi ya fara tun zamanin kakanninmu. Maƙeri ne, rigarsa ruwan ƙasa. Da kasuwa ta mutu, sunka daina. Bayan shekaru sunka ce bari a tada shi, amma sai sunka yi sabon mutum, sabon suna, jar riga, ma'aikacin masana'anta. Ga shi nan. Sai masu karatu sunka riƙa aiko da wasiƙa: to, ina tsohon? Ya mutu ne? In bai mutu ba, mi ya hana su gamuwa a gari ɗaya? Marubuta sunka rasa ta cewa. Sai wani ya kawo dabara: dukansu suna nan, amma kowa da duniyarsa. Sabon yana Duniya ta Ɗaya, tsohon yana ta Biyu."

Labbo ya ce, "Tsoho ne na biyu, yaro na ɗaya? Ka ji ƙarya tun daga farko."

"Ni ma ya dame ni. Amma wanda ake sayarwa a lokacin shi sunka ba ɗaya. Ita Duniya ta Ɗaya ita ce uwar labari, wadda ke fitowa kowane wata. Abin da ya faru cikinta ya zauna, in an sare wa mutum hannu, wata mai zuwa ba shi da hannu. Sauran kuwa filin gwaji ne, marubuci ya yi abin da ya ga dama ba tare da ya ɓata uwar labari ba."

Mai unguwa ya ce, "To, ina ita ta biyun take? Sama ko ƙasa?"

Is'haƙa ya dubi rediyon. "Ranka shi daɗe, a ba ni aron wancan." Ya kunna, aka ji mai labarai. Ya murza kaɗan, aka ji wa'azi. Ya ƙara, aka ji Faransanci daga Nijar. "Duk waɗanga muryoyin suna cikin zauren ga lokaci ɗaya, ba wadda ta taka wata. Haka marubutan sunka ce. Duniyoyin wuri ɗaya suke, gari ɗaya, titi ɗaya, amma kowace da irin kaɗawarta, shi ya sa ba su ganin juna. Wanda ya iya sauya kaɗawar jikinsa, ko ya sami na'ura, sai ya tsallaka. Shi wannan ƙararrawarsa ke yi masa."

Mai unguwa ya karɓi rediyonsa ya kashe, ya ɗan jima yana kallonsa.

Labbo ya sa yatsa a kan wata kibiya. "Wannan fa? Daga ɗaya zuwa biyu, ka rubuta tamanin da takwas. Shanu ne ko bindigogi?"

"Lambar littafi ce. Kowane fitowa da lambarsa a bango." Ya tona akwati ya zaro ɗaya. Ga 88 a kusurwa, ga kuma mutum biyu a bangon, mai ruwan ƙasa da mai ja, kowa riƙe da ƙararrawa, suna kallon juna. "Nan ne sunka fara gamuwa. Duk kibiya gamuwa ce."

"Wannan macen fa?" in ji Mai unguwa, yana nuna wani bango. "Ko shigar mata yake yi don ya ɓace?" An sha jin labarin 'yan bindiga masu shigar mata a hanyar daji.

"A'a, ranka shi daɗe, ƙanwarsa ce. Da sunka ga dabarar ta karɓu, sai sunka ƙara: kowace duniya daidai take da uwar labari har zuwa wata rana ɗaya, sannan hanya ta rabu. A Duniya ta Biyar, ranar da dutsen ya faɗo shi ya tafi kasuwa, ƙanwar ce ke gida, ita ta zama Mai Ƙararrawa. A ta Uku komai a juye yake, shi ne mugu, abokin gabarsa ne mutumin kirki, ga shi da baƙar riga. A ta Tara an bar shi ya tsufa, don a uwar labari ba a barin jarumi ya tsufa. Amma a lura," ya ɗaga wani littafin, "wannan saurayin ba wata duniya ba ce. Ɗansa ne da ya gaji ƙararrawa a duniya ɗaya da uban. Gado daban, tagwayen wata duniya daban. Mutane da yawa nan suke ruɗewa."

Labbo ya ce, "Mu ba nan munka ruɗe ba. Ka iya zance, Bagobiri. Mi ya kawo Tozai cikin duniyar Turawa? Mi ya kawo Tungar Maliki? Kuma wa ya ce ka soke ta?"

Tambayar da kowa ke jira ke nan.

"Direbobi ne," in ji Is'haƙa. "Ba mai son a ce motarsa kama ɗaya da ta wani a layi ɗaya. Sai na ba kowa nasa Mai Ƙararrawa, ina rubuta garin da motar ke kwana don kar in maimaita. Ta Biyar tana motar Tozai. Ta Uku tana Sabon Birni. Ta Bakwai tana motar Ɗanmusa na Tungar Maliki, mai shuɗiyar riga da ƙararrawa biyu."

"Jan biron nake tambaya."

"Duniyoyin sun yi yawa, har marubutan kansu sunka daina gane wa ke ina, sabon mai karatu kuma ba shi san inda zai fara ba. Sai kamfanin ya yi babban labari na shekara guda: wani farin bango ya taso yana haɗiye duniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda sunka rage anka narka su wuri ɗaya, anka sake wa kowa tarihi. 'Yan kaɗan ne sunka tsira suna tuna cewa an taɓa yin wasu duniyoyi. Waɗanda farin bango ya ci su na soke."

Labbo ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Wanda ya iya karatun da ba mu iya ba, komi ya ce an rubuta sai mu ce to. Ranka shi daɗe, a bar ni in gwada shi. Ni ban jin Faransanci, amma ina karanta lamba."

Ya juya littafin rubutun yadda Is'haƙa ba ya gani. "In gaskiya kake faɗi, fito da inda anka buga waɗanda bangon ya ci. Ni za ni duba da kaina."

Is'haƙa ya shiga tona akwati. Ya fitar da littattafai sun fi talatin bai samu ba. A waje aka fara gunaguni. Wani ya ce, "Ku daina ɓata lokaci da shi." Sai Ikilima ta yi magana daga bakin ƙofa, karo na farko: "Yana ƙasan akwati, cikin leda. Wanda ka hana yara taɓawa."

Yana nan kuwa. Is'haƙa ya buɗe tsakiya ya miƙa. Shafi biyu ne aka cika da duniyoyi kamar ƙwallaye a jere, farin bango ya ci rabin wasu, kowace da lambarta a ɗan akwati. Labbo ya bi da yatsa yana faɗi: "Huɗu. Bakwai. Goma. Sha biyu." Ya koma kan littafin rubutu. Huɗu, bakwai, goma, sha biyu. Ya juya bayan littafin zanen ya sami shekarar da aka buga shi. Mai unguwa ya leƙa ya ce, "Wannan shekarar ko aure ban yi ba."

Labbo bai saki ba. "Saura motocin."

Ranar kasuwa ce, tasha cike. Aka bar Is'haƙa a zaure da mutum biyu, muka tafi da Mai unguwa da littattafan. Motar Tozai: mace da ƙararrawa, daidai da bangon ta Biyar. Motar Sabon Birni: baƙar riga. Motar Tsamaye: tsoho mai furfura. A ƙarshen layi ga Ɗanmusa yana ɗaure buhunan gero a saman motarsa, ga mai shuɗiyar riga da ƙararrawa biyu a ƙofar baya, fentin ya koɗe, har ya fara ɓarewa.

Labbo ya ce, "Ɗanmusa, yaushe anka yi maka wannan?"

"Shekara uku ke nan. Lafiya? Ko an hana zanen ƙato ne kuma?"

Aka ba shi labari a taƙaice. Ya saki igiya ya sauko. "Wai Is'haƙa ne infoma? Mutumin da jini ke sa shi jiri in an yanka kaza? Amma tsaya. Kana nufin nawa ƙaton duniyarsa ta mutu? Shekara uku ina yawo da gawa a bayan mota? Shi ya sa taya ke fashe mini kullum!"

Dariyar da aka yi ita ce ta farko da kowa ya yi tare a ranar. Mai unguwa ya koma zaure ya ce a gaban kowa, "Is'haƙa, tashi ka tafi aikinka. Wanda ya sake kiranka da wancan suna, ni ya kira." Labbo ya miƙa masa littafin rubutunsa da hannu biyu, amma ya ƙara da cewa, "Nan gaba ka rubuta sunan direba, ba sunan gari ba." Is'haƙa ya ce to.

Ba za ni ce komai ya koma yadda yake ba. Akwai direbobi biyu da suka shafe nasu zanen da farin fenti, wai ba a sani ba. Akwai masu cewa har yanzu mutumin da ya iya kare kansa haka ba a banza ya iya ba. In ya tafi Maraɗi, yanzu sai ya biya ya gaya wa Labbo ranar tafiya da ranar dawowa. Amma gidansa na nan, Ikilima na daka a ciki.

Da yamma a ranar da aka sake shi na same shi a rumfa yana mayar da littattafai cikin akwati. Na tsuguna na ce, "Kawu Is'haƙa, ni ne na gaya wa Labbo."

"Na sani. Kai kaɗai ke zama kusa da bencin."

Ya ci gaba da jerawa, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

"Da ka tambaye ni," in ji shi, "da ka sha labari kyauta, ba tare da an tara gari ba. Wata duniyar, ka tambaya. Nan ba ka tambaya ba. To, nan muke zaune." Ya tura mini rabin littattafan. "Jera su da lamba."

Muna cikin jerawa sai ga Ɗanmusa ya taho da motarsa da baya har bakin rumfa. Ya leƙo ta taga. "Mai fenti! Goge mini mataccen nan, ka sa mini mai rai."

"Bar shi," in ji Is'haƙa. "Bayan shekara ashirin sabbin marubuta sun yi kewar duniyoyin, sunka dawo da su, sunka sake ba su lamba. Naka ya dawo. Ban sami littafin ba ne sai bana, shi ya sa ban gyara jan biron ba."

"Ka rantse?"

"Ga shi nan, duba da idonka."

Ɗanmusa ya duba bangon, ya ga shuɗiyar riga da ƙararrawa biyu. Ya kashe mota ya fito. "To, sabunta masa fenti. Wanda ya mutu ya dawo bai kamata a gan shi da tsumma ba."

Is'haƙa ya buɗe gwangwanin shuɗi, ya fara motsa shi da tsinke.